Zillah da ƙofar da ta rufe: yadda wata ɗalibata ta gano abin da Lockwood da Nelly suka tsallake

Aikin da na ba 'yan ajina ba wani mai tsawo bane, cewa nayi kowa ya ɗauki ƙaramin tauraro guda ɗaya daga cikin Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847 kuma yana cikin littattafan adabin Turanci da WAEC ta sa daga 2021 zuwa 2025, ya rubuta masa jawabin mutum ɗaya, wato monolog, kalma 500 zuwa 600, ya zama a cikin jawabin an bankaɗo wani abu da mai ba da labari ya gani amma bai gane ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya: kar ka ƙaryata littafin. Kana iya cike gurbin da littafin ya bari, amma abin da aka riga aka faɗa ya zauna yadda yake. Na kuma yarda su fara rubutawa da Hausa kafin su mayar, saboda na lura in yaro ya fara da Turanci hankalinsa gaba ɗaya yana kan nahawu, muryar mutumin ta ɓace. Yawancinsu Joseph, tsohon baran gidan mai yawan wa'azi, suka ɗauka don su samu damar yin wa'azi da tsinuwa, wasu Isabella matar Heathcliff. Yarinya ɗaya ce ta ɗauki Zillah, mai aikin gidan Heathcliff, wato maigidan Wuthering Heights, kuma aikinta ne nake son in bi daki-daki a nan don har ni sai da ta sa na koma na sake buɗe babi na 3.

Wannan littafin kamar don irin wannan aikin aka rubuta shi, saboda labarin ba kai tsaye yake zuwa mana ba, sai ya bi ta baki biyu. Na farko Lockwood ne, baƙon da ya kama hayar ɗaya gidan Heathcliff, Thrushcross Grange, a 1801, shi ke rubutawa. Na biyu Nelly Dean, mai kula da gidan, ita ke ba shi labari yana kwance ba lafiya. Shi Lockwood tun a babi na 2 marubuciyar ta nuna mana irin idon da yake da shi, ya hango wasu abubuwa a kan kujera ya ɗauka kyanwoyi ne har yana yaba su, ashe tarin matattun zomaye ne, ya ga Cathy ƙarama, surukar Heathcliff, ya ce matar Heathcliff ce, da aka gyara masa ya koma ya ce toh matar Hareton ce, wani saurayi da ke zaune a gidan, duk kuskure. Ita kuwa Nelly ba ganin ne bata yi ba, matsalarta ita ce da hannunta dumu-dumu a cikin labarin da take bayarwa, kuma mai hannu a cikin magana baya faɗinta tsakani da Allah ko da ya so.

Kafin su fara na ɗan yi musu bayanin me ake nufi da irin wannan jawabin, da misalin waƙar Robert Browning ta 1842, My Last Duchess, inda wani basarake yake nuna wa ɗan aiken da ya zo maganar sabon aurensa hoton matarsa da ta mutu, yana ta zuba shi a ganinsa yana nuna isa ne da sanin kayan ado, mai karatu kuma yana fahimtar cewa mutumin nan da hannunsa a mutuwarta. Abin da na ce su riƙe daga nan shi ne mutum ɗaya ke magana, akwai wanda yake saurare amma ba ma jin muryarsa sai dai mu gane motsinsa daga bakin mai maganar, akwai dalilin da yasa maganar ta taso yanzu ba jiya ba, sannan mai maganar yana tona kansa ba tare da ya sani ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar.

Daftarinta na farko gaskiya bai yi ba, kuma irin rashin yin da kusan kowane ɗalibi yake faɗawa ne. Ta mayar da Zillah lauya mai gabatar da ƙara. Jawabin ya fara da "Ku masu karatu, ku saurare ni", daga nan Zillah ta shiga jero laifuffukan Nelly ɗaya bayan ɗaya, wai ke ce kika ajiye Heathcliff a kan matakala ranar da aka kawo shi yana yaro kina fatan gari ya waye ya ɓace, ke ce kika ɓoye wa Edgar halin da matarsa Catherine, uwar Cathy, take ciki lokacin da ta kulle kanta a ɗaki kwana uku ba ci, ke ce kika ƙone wasiƙun Cathy. Duk abubuwan nan suna cikin littafin, ba ƙarya ta yi ba, na ma ji daɗi don ya nuna ta karanta. Amma na zagaye su da jan biro na rubuta tambaya ɗaya a gefe: wa ya faɗa wa Zillah? A babi na 3 da bakinta ta ce wa Lockwood shekara ɗaya ko biyu kawai tayi a gidan. Catherine babba ta mutu shekara goma sha wani abu kafin Zillah ta taka ƙofar gidan nan, zuwan Heathcliff kuwa ya fi haka nisa. Abin da ke bakin Zillah a daftarin ilmin ɗalibar ne da ta karanta babi 34 cif, ba ilmin 'yar aikin da ita kanta ta ce abubuwan ban mamaki sun yi yawa a gidan har ta daina tambaya ba.

Matsala ta biyu, ba mai saurare. "Ku masu karatu" ba mutum bane, baya ɗaga gira, baya juya baya, ba abin da Zillah take so daga wurinsa, shi yasa jawabin ya koma maƙala. Ta uku kuma wacce ta fi damuna, Zillah ta fito fes kamar an wanke ta da sabulu, ita ce mai tausayi ita ce aka zalunta. Toh in haka ne ai ba gano abin da mai ba da labari ya tsallake kika yi ba, juya hukuncinsa kawai kika yi. Nelly ta ce Zillah mace ce mai ƙaramin tunani mai son kanta, ke kin ce a'a waliyyiya ce, an tashi daga ƙarya mai sauƙi an koma wata ƙaryar mai sauƙi.

Sai na ce ta ajiye rubutu tukuna. Ta ɗauki takarda ta raba gida uku, ta bi littafin ta nemo duk inda Zillah ta fito ko aka ambace ta, a gida na farko ta rubuta abin da Zillah ta yi ko ta faɗa, na biyu wa ke ba mu labarin, na uku wane hukunci ya yanke mata. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma amfanin ƙaramin tauraro kenan, wuraren ba su da yawa, cikin kwana biyu ta dawo da shafi ɗaya da rabi.

Ga abin da ta tattaro. A babi na 2 dusar ƙanƙara ta tare Lockwood a gidan, Heathcliff ya ce shi baya da masaukin baƙi, sai dai ya raba gado da Hareton ko Joseph, ko a kujera ma bai yarda ya kwana ba don baya son baƙo ya yi ta yawo a gida shi yana barci. Lockwood ya fizgi fitilar Joseph zai tafi, karnuka suka danne shi, hanci ya ɓalle da jini, Heathcliff da Hareton na ta dariya. Zillah ce ta fito, bata iya tunkarar maigida ba sai ta sauke faɗan a kan Hareton, ta ce ita dai ta ga alama gidan nan ba zai yi mata ba, ta kwara wa Lockwood ruwan sanyi a wuya ta ja shi kicin. A babi na 3 ta hau da shi sama, ta ce ya ɓoye kyandir kar ya yi motsi, don maigida baya son kowa ya kwana a ɗakin da zata sa shi. Ɗakin Catherine ne. Lockwood ya yi mafarkin fatalwar Catherine ya kurma ihu, Heathcliff ya shigo yana tambayar wa ya kawo ka nan, ji nake kamar in kore shi daga gidan yanzun nan. Lockwood ko ɗar bai ji ba ya ce 'yar aikinka Zillah ce, in ka kore ta ma bai dame ni ba ta cancanta, ina jin so take ta tabbatar akwai fatalwa a gidan ta gwada da ni. Da safe ya sauko ya tarar Heathcliff yana ƙarasa zazzaga mata masifa, tana hura wuta tana kai gefen ƙyallen aikinta fuska tana nishi, ya dai ce mata baiwar Allah ya wuce.

Sai babi na 30, inda Nelly take maimaita hirar da suka yi da Zillah a kan hanya. Bayan an yi wa Cathy auren dole da Linton ɗan Heathcliff an dawo da ita gidan, Linton yana kwance yana mutuwa, Cathy ta nemi taimako, Heathcliff ya ce wa Zillah ta kama harkar gabanta. Cathy ta roƙi a kira likita, wato Kenneth, Heathcliff ya ce ran yaron bai kai rubu'in kwabo ba kuma ko rubu'in kwabo ba zai kashe a kansa ba. Zillah ta faɗa da bakinta cewa sau ɗaya ko biyu bayan an kwanta ta buɗe ƙofarta ta ga Cathy zaune a saman matakala tana kuka, sai tayi maza ta rufe don kar zuciyarta ta sa ta shiga maganar, ta ji tausayinta amma bata son ta rasa aikinta. Daren mutuwar Cathy ta shigo ɗakinta ta ce je ki faɗa wa Heathcliff ɗansa yana mutuwa, Zillah ta kwanta kwata ɗin awa tana saurare tana rawar jiki, bata ji motsi ba, ta ce wa kanta ai kuskure yarinyar tayi, barci ya fara ɗaukarta, sai ƙararrawar da aka sa don Linton ta tashe ta. Ya riga ya cika. A ƙarshe a babi na 32, Lockwood ya dawo a Satumban 1802, Nelly ta ce masa Zillah ta tafi shi yasa Heathcliff ya nemi ita ta dawo gidan. Shikenan. Ba dalili, ba wanda ya tambaya.

Ita ɗalibar ce ta gani ba ni ba, wannan dole in faɗa. Tana nuna min takardar sai ta ce, Malam, ai babi na 30 ya riga babi na 3 faruwa. Haka ne kuwa, a tsarin shafi daren Lockwood ne farko, amma a tsarin lokaci Linton ya riga ya mutu, shi yasa Lockwood ya tarar da Cathy a matsayin bazawara, kuma Nelly ta ce hirarta da Zillah ta faru jim kaɗan kafin zuwan Lockwood. Ke nan matar da ta rufe ƙofa a kan yarinya mai kuka saboda tsoron rasa aiki, ita ce bayan ɗan lokaci kaɗan ta karya dokar maigida ƙiri-ƙiri, ta sa baƙon da bata taɓa sani ba a ɗakin da aka hana, don kawai hancinsa na jini. Nelly ta san rabin farko ta ce son kai ne. Lockwood ya san rabi na biyu ya ce mugunta ce, kuma duk da shi ne ya rubuta duka biyun da hannunsa bai taɓa haɗa su ba. Mai karatu ma da wuya ya haɗa don babi 26 ne a tsakani.

Daga nan sauran shawarwarin suka zo da sauƙi. Wa take wa magana? Mun gwada Lockwood, amma Zillah ba zata saki baki gaban mai kuɗi ba, kuma ya riga ya bar garin. Cathy kuwa ba zata tsaya ta saurara ba. Nelly ce ta dace, 'yar aiki ce kamarta, sun saba hira, kuma ita ce zata gaje ta. Yaushe? Ranar miƙa makullai, farkon 1802. Littafin bai ce sun haɗu ranar ba, bai kuma ce basu haɗu ba, toh gurbi ne halal. Me take so? A sama-sama so take ta gama miƙa aiki ta tafi kafin duhu, a ƙasa kuma so take Nelly ta ce mata ba laifinki bane, kuma ba zata taɓa roƙon hakan a fili ba. Ga daftari na biyu, bayan ɗan gyaran da muka yi tare:

"Wannan babban na ɗakin ajiya ne, Misis Dean, sai kin ɗan ɗaga ƙofar kafin ya juya. Wannan na ɗakina, kin san shi ai, kwana biyar kika yi a ciki, da kika fita sai da na gyara gadon, ban ce komai ba. Zauna mana. Toh shikenan tsaya, nima ba daɗewa zan yi ba.

"Itace yana bayan kicin, Joseph zai ce miki ya ƙare, bai ƙare ba. Maigida in ya ce baya cin abinci kar ki sake tambaya. Ƙararrawar nan kuma ki sa Hareton ya cire ta, ba ta da amfani yanzu, don yaron aka sa ta. Iska ce take kaɗa ta wani lokaci cikin dare. Iska ce mana, me kike kallona?

"Na ji ance kina cewa ni mai son kaina ce. A'a kar ki musa, Gimmerton ba ta da girman da magana zata ɓace. Ban ji haushi ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, maigida ya ce in kama harkar gabana na kama, ke da kika zo Joseph ya tare miki ƙofa ba juyawa kika yi kika koma mil huɗu ba? Ban ce kin yi laifi ba. Ƙofa ce, an rufe, mutum ya juya. Ita kuma yarinyar ranar da ta shigo gidan nan ko sannu bata ce min ba ta haye sama, ni da na taɓa kawo mata abin sha mai ɗumi lokacin tana zuwa a ɓoye. Wa ke bin wanda ya raina shi da taimako?

"Matakalar nan ki kula da ta saman, tana ƙara. In mutum ya zauna a kai kina ji daga ɗaki ko kin ja bargo kin rufe kai. Ba don komai na faɗa ba, don kar ki tsorata ne.

"Kwata ɗin awa ne fa, Misis Dean. Na sha lissafawa. Ko da na tashi a take, in sa takalmi, in ƙwanƙwasa wa maigida, ya gama zagina, a ɗaura wa doki sirdi, a je Gimmerton a taso Kenneth, ki lissafa da kanki ki gani ko kwata ɗin awa zai kai mutum ko'ina. Gidan shiru yake. Wanda yake mutuwa ai yana motsi, ko ba haka ba? Ke kin ga mutuwa da yawa, faɗa min. Toh. Ba sai kin amsa ba.

"Shi kuma baƙon naku mai hayar Grange, ki gaishe shi in ya rubuto. Ya faɗa miki wa ya tsayar masa da jini? Yana kwance a dusar ƙanƙara a bakin ƙofa suna masa dariya, na ce ba za a kashe mutum a ƙofar gidan nan ina kallo ba. Ban tsaya tunani ba ma, ƙafata ce ta kai ni. Gado mai kyau guda ɗaya ne ba kowa a kai, na ba shi, na ce ya ɓoye kyandir, abu ɗaya na roƙe shi, ya yi shiru. Ya tashi gida da ihu, da aka tambaye shi kuma sunana ne farkon abin da ya fito bakinsa. Kin ga abin da taimako yake jawowa kenan. Da na san haka da na rufe ƙofata kamar, kamar yadda ya kamata.

"Ga na ƙarshe, na ɗakin nan ne na sama. Ban sake shiga ba. Kwandona fa? Yauwa. In ta sauko ki ce mata na bar mata, a'a bar shi, ba komai. Ki ce mata wutar kicin ta fi ɗumi da safe."

Abin da ya sa wannan ya yi aiki, a ganina, shi ne Zillah bata taɓa cewa na yi nadama ba, bata kuma taɓa cewa na taimaki Lockwood ne don in biya bashin Cathy ba, ita a tunaninta ma labarin Lockwood hujja ce da ke nuna ta yi daidai da ta rufe ƙofa. Mai karatu ne yake jin akasin haka, daga ƙararrawar da take so a cire, da matakalar da ta san ƙararta, da kwata ɗin awan da ta sha lissafawa. A rubutun ɗalibar akwai wani layi bayan maganar matakala inda Zillah ta ce "har yau zuciyata bata daina zargina ba", na ce ta goge, ta yi ta gardama wai in ta goge mai maki ba zai gane ba. Na ce karanta min da shi, sannan ki karanta ba shi. Da ta karanta ba shi ita da kanta ta ja layi a kai. Mutumin da zai iya furta wannan jimlar ba zai tsaya yana lissafin sirdin doki ba.

Ku duba kuma yadda Nelly take nan ba tare da ta ce uffan ba: ta ƙi zama, ta kalle ta, ta so musawa, ta ƙi amsa tambayar mutuwa. Wurare huɗu ne kacal kuma sun isa, in suka yi yawa sai ya koma wasan kwaikwayon da aka goge layin mutum ɗaya. Sukar da aka yi wa Nelly ma yanzu ta tsaya a kan abin da Zillah zata iya sani, zuwanta gidan da Joseph ya hana ta shiga yana farkon babi na 30, kullewar da aka yi mata a ɗakin Zillah tana babi na 27 da 28. Laifi tudu ne dai, Nelly ta taka nata ta hango na Zillah, amma jawabin bai buƙaci ya tono abin da ya faru shekara talatin baya ba kafin ya nuna haka. Karin maganar kuturu kuwa na bar ta, tunda da Hausa Zillah take magana dole tayi irin ta masu Hausa, abin da na hana shi ne shigo da kaya ko abinci ko al'adar da babu su a Yorkshire ta lokacin. Wajen mayarwa Turanci sai da ta nemi wata hanyar faɗin hakan.

Inda muka yi ta ja-in-ja har yanzu ban ce na yi nasara ba shi ne dalilin tafiyar Zillah. Ita ɗalibar so take Zillah ta faɗa a fili cewa korarta aka yi saboda Lockwood. Hujjarta mai ƙarfi ce, Heathcliff ya yi barazanar kora, Lockwood ya ba da suna, da safe an yi mata masifa, bayan 'yan watanni ta tafi. Ni kuma na nuna mata abu biyu, Nelly cewa tayi ta tafi ba an kore ta ba, sannan tun kafin maganar ɗakin ta taso Zillah ta riga ta ce gidan nan ba zai yi mata ba, kuma da Heathcliff korar zai yi a kan wannan da ba zai jira watanni ba, ba halinsa bane. In jawabin ya ce kora ce, ya rufe ƙofar da marubuciyar ta bari a buɗe, kuma ya sauƙaƙa Zillah ta koma wacce aka zalunta kawai, mun dawo matsalar daftarin farko ta bayan gida. Ta yarda ta cire amma bata gamsu ba, shi yasa kuka ga "kin ga abin da taimako yake jawowa kenan" ya tsaya a tsakiya, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

Akwai kuma rauni ɗaya da na bari da gangan ban gyara mata ba, sai a wajen maki na nuna. Maganar makullin ɗakin sama. Babu inda littafin ya ce Zillah tana riƙe da makullin ɗakin Catherine, ko ma ana kulle shi a lokacin, Cathy ta tagar ɗakin ta gudu a babi na 28 bayan ta bi ɗakunan da ba kowa tana duba tagoginsu, wanda ke nuna a buɗe yake. Bai kai ƙaryata littafin ba, don ana iya cewa bayan daren Lockwood aka fara kullewa, amma in haka ne da wuya Heathcliff ya bar makullin a hannun wacce ta saɓa masa. Na ba ta 17 cikin 20, biyu na cire a nan, ɗaya kuma saboda a fassarar Turancin ta sa Zillah tana magana da gogaggen harshe irin na Lockwood, alhali a littafin maganarta ta mutanen ƙauye ce duk da bata kai ta Joseph nauyi ba. Da na miƙa mata takardar ta duba wurin makullin ta yi shiru, sannan ta ce toh Malam in ta ce "wannan ba ni da makullinsa, ya karɓe" fa? Na ce ta rubuta haka ta kawo min gobe.